Sa hannun minista daban, kai wa majalisa daban, bugawa a gazet daban

Abun da aikin sashen shari'a a nan Abuja ya koya min shi ne yawancin dokokin da ke taɓa aljihun mutane ba majalisa ce ta zauna ta rubuta su ba. Majalisa takan yi uwar doka ne, sai ta ce minista ko hukuma kaza za su iya fitar da ƙa'idoji, toh daga nan kuɗin lasisi da tara da sharuɗɗan shigo da kaya suke fitowa. Kuma kowace ƙa'ida tana da matakai uku, a sa mata hannu, a kai ta gaban majalisa in uwar dokar ta ce a kai, sannan a buga ta a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, mutane su sani. A ofis ana haɗe su kamar abu ɗaya ne, oga ya sa hannu sai a rufe fayil, alhali kowanne in aka tsallake shi sakamakonsa daban.

Kaiwa majalisa ma iri-iri ne. Wata ajiyewa kawai ake yi don 'yan majalisa su gani. Wata tana fara aiki amma majalisa na da damar soke ta, a Birtaniya kwana 40 ne ƙarƙashin dokarsu ta 1946 kan irin waɗannan ƙa'idoji. Wata kuwa sai an kaɗa ƙuri'ar amincewa. Shi ya sa in wani ya zo min da cewa "ai ba a kai ta majalisa ba don haka ta mutu" sai in ce Malam ɗauko uwar dokar mu duba tukuna. In ta ce ƙa'idar ba za ta fara aiki ba sai majalisa ta amince, magana ta ƙare. In kuwa cewa kawai ta yi a ajiye, ba ta faɗi abun da zai biyo bayan rashin ajiyewar ba, kotu na iya cewa sakaci ne amma ƙa'idar na nan daram, haka kotun ƙolin Indiya ta yanke a shari'ar Atlas Cycle.

Rashin bugawa ne ya fi ɗaukar hankalina, kuma shari'ar Sheer Metalcraft ta 1954 a Ingila ce ta warware min shi. An yi odar ƙayyade farashin ƙarfe a 1951, an sa hannu, an kai majalisa, amma jadawalin da ainihin farashin ke ciki ba a buga shi tare da odar ba, kuma ba a bayar da takardar da ke yafe bugawar ba. Da aka gurfanar da kamfanin Sheer Metalcraft kan cinikin ƙarfe sama da farashin, lauyoyinsa suka ce ai odar ba ta cika doka ba tunda rabinta ba ya takarda. Alƙali Streatfeild ya ce a'a, tunda an yi ta an kai majalisa ta zama doka. Abun da rashin bugawa ke ba wanda ake tuhuma kariya ce kawai a ƙarƙashin sashe na 3(2) na dokar 1946, wato ya nuna ba a fitar da odar ba a ranar da ake cewa ya yi laifin, daga nan nauyi ya koma kan masu gabatar da ƙara su nuna an ɗauki matakin da ya dace na sanar da jama'a ko waɗanda abun ya shafa ko shi kansa wanda ake tuhuma. Suka nuna, aka samu kamfanin da laifi.

Kenan tambayar ba ta tsaya kan an buga ko ba a buga ba, har da shin mutumin nan yana da hanyar sani. Inda babu hanyar kwata-kwata kotu ba ta wasa, a shari'ar Harla ta 1951 kotun ƙolin Indiya ta soke hukuncin da aka yi wa wani kan dokar Jaipur ta hana mu'amala da ofiyom, wani kayan maye, saboda an zartar da ita amma ba a taɓa sanar da kowa ba.

Mu a nan ba waccan dokar ta 1946 muke bi ba, kar wani ya kwaso ta ya kai kotu kamar tamu ce. Abun da muke da shi sashe na 36(12) na kundin tsarin mulkin 1999, ba a hukunta mutum sai laifin da hukuncinsa suna cikin rubutacciyar doka, kuma sashen ya haɗa da ƙananan dokokin da aka yi ƙarƙashin wata doka. A ganina nan ne sakula ke faɗuwa, takarda ce kawai ta fito daga ofis da tambari, ana cin mutane tara da ita, in ka tambayi wane sashe ya ba da ikon sai a fara kame-kame.

Yanzu duk ƙa'idar da ta zo tebur ɗina, sashen da ya ba da iko nake fara nema, sai lamba da ranar gazet, sai in gwada ranar da wadda aka ce ta fara aiki. In uwar dokar ta ce a kai majalisa, ina son ganin wasiƙar da aka aika da hatimin karɓa na ofishin akawun majalisa, in babu ita a fayil ɗin nakan mayar da shi in rubuta a nemo ta kafin a fara karɓar kuɗin kowa.