Abin da farantin aga ya nuna mini game da faj

A ɗakin gwaje-gwaje aka ba ni aikin nemo bakteriyofaj, ko faj a taƙaice, wato bairos ɗin da ba ya kama mutum sai bakteriya, wanda zai kashe wata bakteriya mai suna E. coli da ta bijire wa magunguna. Ruwan kwata na ɗebo, don inda bakteriya ta yi yawa nan faj yake taruwa. Na tace shi da matacin maikuromita 0.22, wanda ke tare bakteriya ya bar bairos ya wuce. Sai na gauraya tataccen ruwan da bakteriyar cikin narkakken aga, wato abu mai daskarewa kamar jeli da ake renon bakteriya a ciki, mai ɗumin kusan digiri 45, don in ya fi haka zafi sosai shi zai kashe ta tun kafin faj ya taɓa ta. Na zuba a faranti, ya kwana a digiri 37.

Da safe bakteriyar ta rufe farantin, sai 'yan ɗigo-ɗigo inda ta mutu. Na ɗaga shi sama wajen haske, na ga ɗigon iri biyu ne. Wasu tas suke, har ana hango yatsa ta cikinsu. Wasu kuwa dishi-dishi, kamar an hura wa madubi numfashi.

Masu tas ɗin aikin faj mai zagayen litik ne. Yana manne wa bakteriya, ya tura mata ƙwayoyin gadonsa, ya sa ta ƙera masa 'ya'ya, sannan ya fasa ta su fito su kama na kusa. Masu dishi-dishi su suka fi ɗaukar mini hankali. A nan wasu faj ɗin sun bi zagayen laisojenik: sun saƙa gadonsu cikin na bakteriyar, sun yi lamo. Tana rayuwa, tana hayayyafa da su, kuma danginsu ba sa iya sake kama ta. Waɗannan tsirarrun ne suka tsiro a tsakiyar ɗigon suka dusashe shi.

Malamata ta ce in bar su in ɗauki masu tas, kuma dalilinta ya shafe mu kai tsaye. Gubar kwalara da ta mashaƙo, faj irin wannan mai ɓuya ne ke ɗauke da umarnin haɗa su, shi ya mayar da bakteriyar mai kisa. Ko ɗigo mai tas ma ba hujja ce cikakkiya ba, sai an karanta gadon faj ɗin an tabbatar babu guba, babu makamin ɓuya.

Ina da kyakkyawan fata ga amfani da faj a matsayin magani. A birnin Tbilisi na Jojiya, cibiyar Eliyaba da aka kafa a 1923 har yau tana jinya da shi. Amma da na gwada nawa a kan wasu nau'o'in E. coli da ke ɗakin, yawancinsu ko gezau ba su yi ba. Shi ya sa sai an ware bakteriyar majiyyaci an gwada tukuna, kuma akan haɗa faj iri-iri, don wadda ta tsere wa ɗaya ta faɗa hannun wani.