Pabe na leda: abin da ke shiga ganga shi ke fitowa a tsakar gida

Ina buga pabe na leda, wato tubalin shimfiɗa ƙasa da ake yi da narkakkiyar leda da rairayi, a nan Tawa, a wani fili da ke bayan gari inda iska ke kwashe hayaƙi ta yi daji da shi. Mutanen da ke zuwa saye sun fi tambayar kuɗi da launi. Ni kuwa hankalina yana kan abin da aka zuba a ganga tun farko, domin pabe biyu za su iya fitowa daga mul ɗaya, wato mazubin da ke ba su siffa, baƙaƙe sumul, amma ɗaya ya shekara ana takawa, ɗayan ya dare tun kafin damina ta wuce.

Aikin da ya fi nuna mini haka shi ne na wani Alhaji mai shago a kasuwa. Tsakar gidansa mita 4 ne a mita 5, murabba'in mita 20 ke nan. Mul ɗina yana fitar da pabe mai tsawon santimita 20, faɗi 10, kauri 6, don haka guda 50 ke rufe murabba'in mita ɗaya, aikin nasa kuma zai ci guda 1000. Kowane ɗaya yana yin kusan kilo 2. Ina haɗa kashi ɗaya na leda da kashi uku na rairayi, a kan sikeli, ba da ido ko da bokiti ba. Lissafin ya kama kilo 500 na leda da kilo 1500 na rairayi. Da ya ji kilo 500 sai ya yi murna, ya ce ai yana da buhunan gorunan ruwa jibge a bayan shago, a kwashe a narka, kuɗin ya ragu.

Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, gorunan nan ba za su shiga gangata ba."

Ya ce, "Malam, roba ai roba ce. Wuta ba ta san bambanci ba."

Wuta kuwa ta sani sarai. A gindin yawancin kayan roba akwai ɗan zane mai kusurwa uku da lamba a ciki. Gorar ruwa da ta lemo lamba 1 ce. Jarka da bido lamba 2. Ledar kasuwa da ledar ruwan sanyi ƴan gida ɗaya ne da jarka, masu laushinsu lamba 4, masu kacau-kacau lamba 2. Lamba 4 tana narkewa a wajen digiri 110, lamba 2 a wajen 130, amma lamba 1 sai zafi ya kai kusan 250. Idan ka zuba su tare, a lokacin da leda ta narke ta zama abin da za a gauraya da rairayi, gorar ta yamutse ne kawai ta dunƙule. Idan kuma ka ƙara itace don ka narkar da ita, ledar ta fara ƙonewa. Ko da an samu duka sun narke, ba sa haɗa jiki. Kowace tana sandarewa da halinta, kuma robar gora idan ta huce a irin wannan aiki gautsi gare ta.

Alhaji bai gamsu da baki ba, sai na ce ya aiko da buhu ɗaya. Na buga kaɗan da leda zalla, kaɗan kuma na yayyanka gorunansa na sa a ciki. Washegari ya zo, na ɗora ɗaya daga kowanne a kan dutse, na miƙa masa guduma. Na leda zalla ya sha duka yana lotsawa kafin ya tsage, kuma cikinsa launi ɗaya ne daga sama har ƙasa, kowace ƙwayar rairayi da baƙar roba a jikinta. Mai gora ya rabu biyu a bugu na farko. A bakin tsagar ana ganin guntayen gora fari-fari suna ƙyalli, na sa farce na ɓamɓare ɗaya ya fito salin-alin, ya bar rami a gurbinsa. Ta jikin waɗannan guntayen tsagar ta bi. Ya juya shi a hannu, ya ce, "To, gorunan fa?" Na ce ya sayar wa mata masu zoɓo da man gyaɗa, za su fi amfani a can. Murafen kawai na karɓa, waɗanda ke da lamba 2.

Leda ba ta cika zuwa da lamba ba, kuma matan da ke tattaro mini ita ba su da lokacin duba gindin kowane abu. Don haka muna da bokitin ruwa a wurin tsinta. Duk robar da aka yi shakkarta, a yanko ɗan guntu a tura cikin ruwa. Dangin leda da jarka suna tasowa sama, robar gora tana nutsewa. Haka lamba 3 take nutsewa, ita ce robar bututun ruwa da ta rigar wayar lantarki, kuma ita ce ba na wasa da ita ko kaɗan. Idan ta ji wuta tana fitar da iska mai cin maƙogwaro da ido, tana kuma sa ƙarfe tsatsa. Wata dattijuwa cikin masu kawo mini kaya ta taɓa tambaya ta dalilin da nake mayar mata da tsohon tiyo alhali yana da nauyi a sikeli. Na ce, "Inna, wannan in ya shiga wuta, ƙirjin yaran nan zai ci." Tun daga ranar ita ke ware shi da kanta.

Bayan tsinta sai wanki da shanya. Ledar da aka kwaso daga kwata ko bola tana ɗauke da ƙasa mai yawa, kuma ƙasar nan tana hawa sikeli a matsayin leda. Wanda ya auna kilo 5 na leda mai datti, ya zuba kilo 15 na rairayi, a gaskiya robarsa ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Irin wannan pabe ana gane shi da hannu: ka goga babban yatsa a gefensa, rairayi ya zubo. Danshi kuma ya fi datti ɓarna. Ɗigon ruwan da ya maƙale a cikin ledar ruwan sanyi, ko rairayin da aka kwaso daga ƙorama bai gama bushewa ba, yana zama tururi a cikin haɗin, ya bar ƙananan ramuka da ba a gani daga waje. Shi ya sa muke farke kowace leda kafin shanya, muke tankaɗe rairayi mu fitar da tsakuwa da tsinke, mu ɗumama shi a kan faifan ƙarfe kusa da wuta. Rairayi mai sanyi yana daskarar da roba tun kafin ta game shi.

Gangata rabin ganga ce ta ƙarfe, tana ɗaukar kilo 5 na leda da kilo 15 na rairayi, zubi ɗaya pabe goma. Aikin Alhaji zubi ɗari ke nan, kuma a nan ne wahalar ingancin take, domin zubi na farko da na ɗari dole su zama iri ɗaya alhali wutar itace ba ta da ma'auni. Ana sa leda kaɗan-kaɗan ana juyawa da dogon ƙarfe, ba a ƙara wata sai ta farko ta kwanta. Idan ta narke daidai, tana yin kauri da danƙo kamar tuwon da aka gama tuƙawa. Idan ta tsinke tana gudu, hayaƙin ya yi duhu ya yi kauri, ko harshen wuta ya kama a samanta, to zafi ya wuce. Sai a rufe da murfin ƙarfe, a janye itace. Ba a zuba ruwa, fantsama yake yi da narkakkiyar roba. Robar da ta ƙone ta rasa danƙonta, paben da aka yi da ita yana fitowa da kyau a ido amma kusurwoyinsa ke fara gutsurewa. Irin wannan zubin ba na haɗa shi da kayan mai saye.

Idan rairayi ya gama shiga, babu sauran fari a cikin haɗin, sai a kwasa da shebur zuwa mul da aka shafa wa mai, a danna da ƙarfi tun yana da zafi. Dannawar ce ke korar iska. Yaran da ke aiki da ni sukan so tsoma mul a ruwa don a yi sauri, amma jikin paben na waje yana sandarewa cikinsa na nan da zafi, sai ya kumbura ko tsakiyarsa ta faɗa. Muna barinsa ya huce da kansa a inuwa.

Kafin kaya su bar filina, ina ɗaukar samfuri daga zubi daban-daban in hau da su sikeli. Wanda ya gaza sauran da nauyi sosai, akwai rami a cikinsa. Wasu kuma ina jiƙa su kwana ɗaya in sake aunawa. Mai kyau da ƙyar allurar sikeli ke motsawa, mai ramuka yana shan ruwa ya ƙara nauyi. Sannan a fasa ɗaya a duba ciki. Wannan duk gwajin hannu ne. Nauyin da pabe zai iya ɗauka kafin ya murƙushe sai injin matsa na ɗakin gwajin kayan gini ke faɗa, kuma duk mai son shimfiɗa shi a makaranta ko hanyar jama'a ya kamata ya nemi wannan takarda kafin ya biya.

Hayaƙin ma yana cikin lissafi. Ko da leda ce zalla, tururinta ba abin shaƙa ba ne, kuma ƙyallen rufe hanci ƙura kawai yake tarewa. Muna aiki a sarari, mai juya ganga yana tsayawa ta inda iska ke fitowa, da safar hannu mai kauri da takalmi rufaffe, domin narkakkiyar roba in ta ɗiga a fata mannewa take yi. Tun 2014 Nijar ta kafa dokar hana shigo da irin wannan leda da sayar da ita, amma har yau ba ta yanke a kasuwa da kwata ba, don haka kayan aiki ba su taɓa yi mini ƙaranci ba. Abin da ke ƙaranci shi ne leda mai tsabta, busasshiya.

Da muka zo shimfiɗawa, Alhaji ya ce a kai paben har zaure, inda yake ajiye motarsa ta ɗaukar kaya, a kuma zagaye murhun matan gida. Na ƙi duka biyun. Zafin Tawa a watan Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40 a inuwa, baƙin pabe a rana kuwa ya fi haka nesa. Ba zai narke ba, amma roba tana yin laushi da zafi, kuma nauyin da ya zauna wuri ɗaya yini bayan yini yana sa ta lotsa sannu a hankali, har tayar mota ta bar gurbinta. Garwashi kuma in ya faɗo a kai zai ci shi, tunda kashi ɗaya cikin huɗu na jikinsa abin ƙonewa ne. Muka shimfiɗa nawa a inda ƙafa da babur ke bi, a kan rairayin da aka daddaɓe, da ɗan tazara tsakaninsu saboda buɗewar da yake yi da rana. Wajen murhu aka bar shi da daɓen ƙasa, zauren kuma na haɗa Alhaji da wani magini ya zuba masa simintin Malbaza.