Zaman sulhu a zauren Baffa

Asabar, bayan isha'i

Yau aka yi zaman ƙanwata da mijinta, tun bayan la'asar har aka kira magariba muna zaure, yanzu ma kaina bai gama hucewa ba shi ya sa na ce bari in rubuta kafin in manta yadda abin ya tafi. Ta yi yaji ne tun satin da ya wuce, shi kuma ya aiko abokinsa biko, Baffa ya ce a'a, wannan ba maganar aboki ba ce, ya turo manyansa. Toh yau suka zo, kawunsa da wani yayan babansa, mu kuma Baffa da Gwaggo, sai limamin unguwarmu, ni kuma aka ce in zauna da biro da takarda.

Babanmu bai shiga ba, kuma daidai ne. Ita ce 'yarsa ta fari a mata, akwai kunya, in ya zauna ko dai ya yi shiru ko ya ba ta rashin gaskiya don kar a ce ya goyi bayan 'yarsa. Shi ma mijin ba zai iya buɗe baki gaban surukinsa ba, sai dai ya yi ta sunkuyar da kai yana cewa haka ne Baba, a tashi ba a ji komai ba. Malam ya karanto aya ta 35 a Suratun Nisa'i, inda aka ce a tashi mai sulhu ɗaya daga danginsa ɗaya daga danginta, ya ce ku lura ba a ce dangin miji su kaɗai ba, kuma ba a ce a tara unguwa ba.

Abin da ya fi burge ni, ba a haɗa su da farko ba. Gwaggo ta shiga da ita ɗaki su biyu, kawunsa ya ja shi waje gindin dalbejiya. Mace ba za ta faɗi maganar shimfiɗa ko ta duka gaban maza biyar ba, za ta ce "ba komai" tana kuka, sai a ɗauka ba komai ɗin ne. Gwaggo ta faɗa min daga baya abin da ta fara tambaya kenan, ya taɓa sa miki hannu? Ta ce wallahi bai taɓa ba. Da ta ce e, Baffa ya riga ya ce ba za ta koma yau ba, magana ce ta daban, cutarwa ce da har alƙali yana raba aure a kanta.

Da aka dawo zaure sai ga asalin zancen. Ta kwashi adashenta naira dubu 150, tana son sayen keken ɗinki, injin Keke Napep ɗinsa ya buga ya ce ta ranta masa zuwa bayan sallah. Sallah ta wuce, watanni suka ja, in ta yi magana sai ya ce ai a gidan ake cin kuɗin. Ga kuɗin cefane ya rage, wata rana ya fita bai bar komai ba. Ita kuma ranar da abin ya ishe ta, ta ce masa macuci a gaban mahaifiyarsa da ta zo ziyara, har ta ɗora da gori. Nan ne ya ce ta fita ta bar masa gida.

Sai da Malam ya tsaida magana a nan. Ya ce masa, "Ɗana, da ka ce ta fita, me ka nufa a ranka? Saki ko fushi?" Ya ce wallahi Malam fushi ne, ban yi niyyar saki ba. Ya sake tambayarsa ko ya taɓa sakinta a baya, ko da baki ko a takarda ko a waya, ya ce a'a, ita ma ta ce a'a. Wannan tambayar mutane na tsallake ta saboda nauyi, amma in ba a san igiya nawa ta rage ba ai ba a san a kan me ake zaune ba. Ya ƙara masa da cewa ko da saki ne na kome, farkon Suratuɗ Ɗalaƙ ya hana a fitar da mace daga ɗakinta tana idda, balle babu saki.

Inda raina ya fara ɓaci shi ne lokacin da yayan babansa ya gyara zama ya fara, ke 'yata haƙuri ake yi, duk matan da kika gani a ɗakunansu haƙuri suke, ki durƙusa ki ba mijinki haƙuri a wuce wajen. Na sha ganin zaman da ya ƙare a nan. A loda wa mace haƙuri ta ɗauka ta koma, kuɗinta ba a ambata ba, bayan wata biyu ta sake dawowa da ɗan ƙullinta, a ce ba ta jin magana. Ni a ganina wannan ba sulhu ba ne, an dai rufe bakin wanda ya fi rauni ne kawai.

Allah ya saka wa kawunsa da alheri, shi ya karɓi maganar, kuma daga ɓangarensu, wanda da Baffa ne ya faɗa da sai a ce son kai ne. Ya ce, "Yaya, a yi haƙurin, amma bashi bashi ne. Dukiyar mace tata ce, ciyarwa kuma a kansa take ko da ta fi shi kuɗi, ba zai ce an ci a gida ba." Ya juya ga ɗan nasu ya ce kai kuma ka ji kunya. Shi ma Baffa bai tsaya kare tamu ba, ya ce mata, "Ke, kuɗinki gaskiyarki ne, amma zagin miji gaban uwarsa ba tarbiyyar gidan nan ba ce, za ki je har gida ki ba ta haƙuri." Kowane babba ya kama nasa ya yi masa faɗa, ba wanda ya tsallaka ya ci mutuncin ɗan wani. Daga nan na ga kafaɗun mijin sun sauka, don ya shigo ne da shirin za a taru a kansa.

Sai aka zo kan lissafi, nan biro na ya yi aiki. Ya ce zai biya dubu 30 duk wata, kawunsa ya tambaye shi nawa yake samu a rana bayan ya sha mai, da ya faɗa sai ya ce kar ka ɗauki abin da za ka kasa don ka burge mu, dubu 15 duk wata, wata 10 ka gama. Kuɗin ba hannunta zai ba ta ba don kar a dawo ana na bayar ba ka bayar ba, ta hannun kawun zai bi zuwa ga Gwaggo. Cefane kuma kullum kafin ya fita, ranar da babu ya faɗa mata da bakinsa, kar ya sulale da asuba. Ita kuma ba gori, ba kai ƙara wajen ƙawaye da maƙwabta, in abu ya taso ta kira Gwaggo.

Malam ya tambaye ta ita kaɗai, kin yarda ko an matsa miki? Ta yi shiru, Gwaggo ta ce a ba ta lokaci, sai can ta ce ta yarda amma tana so a rubuta cewa in ta sayi keken nata ne. Aka rubuta. Su biyun suka sa hannu, Baffa da kawunsa suka sa a matsayin shaidu, na ɗauki hoton takardar na tura wa kowane ɓangare.

Ba ta bi su yau ba. Gobe da yamma Gwaggo za ta raka ta, su fara biyawa gidan surukarta tukuna. An sa ranar sake zama bayan wata ɗaya, a can gidan kawunsa wannan karon, a duba ko kason farko ya shigo.