Minti biyu a gaban waya

Sati uku ke nan ina shirin jarrabawar Turanci ta IELTS, ɓangaren magana. Kashi na biyu ne ya fi ba ni wahala: a miƙa maka kati mai ɗauke da batun da za ka yi magana a kai, a ba ka minti ɗaya ka yi tunani, sannan ka yi magana har minti biyu.

Kullum bayan Isha'i nakan jingina waya da kofin shayi, in saita agogo, in naɗi muryata. Ranar farko maganata ta ƙare a daƙiƙa 50. Da na saurara, sai na ji duk labarin jiya ina ba da shi kamar yau yake faruwa, alhali ina magana ban lura ba. Yanzu kalma huɗu kawai nake rubutawa a mintin shirin, kowacce in kawo mata dalili da misali. Jiya, alhamdulillahi, sai da agogo ya katse ni.