Ƙwaya ɗaya mai gudu ta fi takwas masu jan ƙafa: abin da PS2 ta koya mini a kan kwamfuta

Ina gyara da harhaɗa kwamfutoci, kuma cikin masu kawo mini aiki akwai matasan da suka tashi a gidajen gem, suke son mayar da wasannin PlayStation 2 cikin kwamfutarsu ta hanyar emuleta, wato manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar na'ura. Kusan kowa da tambaya ɗaya yake zuwa: wane katin hoto zai saya? Ni kuma amsata ba ta canzawa. A fara duba firosesa, kuma ba yawan ƙwayoyinsa, wato sassan cikinsa da kowanne ke lissafi da kansa, za a duba ba, a duba saurin ƙwaya guda.

Dalilin yana cikin yadda aikin yake. PS2 ta fito a 2000, babban firosesanta da ake kira Emotion Engine yana gudu a kusan 295 MHz. A ido wannan ba komai ba ne, ko wayar hannu ta yau ta ninka shi nesa ba kusa ba. Amma kwamfutarka ba ta jin yaren wannan firosesa. Dole emuleta ta ɗauki umarnin wasan ta juya shi zuwa wanda kwamfutar ke ganewa, sannan ta riƙa lura da sauran sassan na'urar, irin su VU0 da VU1 masu lissafin siffofi, da sashen sauti, da mai karanta faifai, don kada wani ya riga wani. Wasan da ke fitar da hoto 60 a daƙiƙa yana ba ka kashi ɗaya cikin sittin na daƙiƙa ne kacal ka kammala kowane hoto, kuma a cikin wannan ɗan lokacin Emotion Engine yakan yi bugu kusan miliyan biyar. Kowane umarni yana jiran sakamakon wanda ya gabace shi, don haka ba a iya yayyanka aikin a raba wa ƙwayoyi takwas. Kamar rijiya ce mai guga ɗaya: ko mutum goma ne suka kewaye bakinta, ruwan da zai fito daidai ƙarfin mai jan igiyar ne.

Na ga wannan ƙarara a kan wata kwamfuta da wani ƙanena a unguwa ya kawo. Firosesanta na wajajen 2012 ne, mai ƙwaya takwas, an rubuta masa 4 GHz, ga katin hoto mai tsada da ya saka daga baya. Wasannin kwamfuta na zamani suna tafiya a kanta ba laifi. Amma da ya buɗe wasan Shadow of the Colossus a PCSX2, emuletar PS2, sai doki ya riƙa gudu kamar cikin taɓo, sauti yana jan jiki yana kakkatsewa. Ya ce mini, "Yaya, ai firosesan ko rabi bai cika ba, katin ne ya gaza." Ya nuna mini `Task Manager`, kuma gaskiya ne, adadin da ke wurin bai kai kashi 40 ba.

Wannan adadin shi ke yaudarar mutane. Jimilla ce ta duk ƙwayoyin. A firosesa mai ƙwaya takwas, idan ɗaya ta cika maƙil sauran suna zaune, abin da za ka gani kashi 12.5 ne. Sai na kunna `Show CPU Usage` da `Show GPU Usage` a cikin saitin PCSX2, lambobin suka fito a kusurwar allo. `EE`, wato Emotion Engine, na manne a wajajen 99, `VU` na biye da shi, `GS` na ƙasa da su, `GPU` kuwa, wato katin hoto, ko kwata bai kai ba. Muka rage `Internal Resolution` daga ninki uku zuwa `Native`, saurin bai motsa ba ko kaɗan. Wannan gwajin shi ne mafi sauƙi da na sani, kuma kowa zai iya yinsa a minti ɗaya: ka rage girman hoton zuwa na asali. In wasan ya miƙe, katin hoto ne ya gaza. In ya tsaya inda yake, to matsalar firosesa ce, kuma ko wane kati ka saya asarar kuɗi ce.

Akwai wani wurin da ake ruɗewa. Lambar `GS` ba katin hoto take nufi ba, duk da sunan na sashen zanen PS2 ne. Ita ma aiki ce da wata ƙwayar firosesa ke yi, na shirya umarnin zane kafin a miƙa wa katin. Idan `GS` ya cika alhali `GPU` na hutawa, har yanzu firosesa ne ke haki, kuma sau da yawa sauya `Renderer` zuwa `Vulkan` yakan sauke masa nauyi.

Muka ɗauke katin nasa muka saka a wata tsohuwar kwamfutar ofis, mai firosesan i5 na zubin Haswell, ƙwaya huɗu, wadda lambar gigahaz ɗinta ma ba ta kai ta waccan ba. Wasan ya tashi sosai, wuraren da da suke jan ƙafa suka koma daidai, sai a fagen manyan dodanni ne yake ɗan sunkuyawa. Lambar gigahaz tana faɗa maka yawan bugu ne kawai, ba ta faɗin yawan aikin da ake gamawa a kowane bugu, kuma a nan sababbin zubi suka yi wa tsofaffi fintinkau. Shi ya sa masu PCSX2 da kansu ba sa auna firosesa da gigahaz, da makin ƙwaya ɗaya na PassMark, shafin da ke jera makin gwajin firosesa, suke aunawa. Kafin ka biya kuɗin kwamfuta, ka nemi sunan firosesanta a wannan jerin ka duba makin `Single Thread`, ka manta da babban makin jimilla.

Ba wai yawan ƙwayoyi ba shi da amfani sam ba. PCSX2 na raba aiki gida uku idan an kunna `MTVU`, saitin da ke ba VU1 ƙwayarsa daban, don haka ƙwaya huɗu na gaske sun fi biyu, ta huɗun ta ji da Windows da sauran tarkace. Daga nan zuwa sama ribar kaɗan ce, sai ga mai amfani da `Software` wajen zane, inda firosesa ke zana komai da kansa kuma yake iya cin ƙarin ƙwayoyi.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci kafin ya zauna a kaina shi ne bambancin wasa ya yi gudu da wasa ya yi daidai. Mutum zai ɗauka na'urar da ta girmi PS2 da shekara goma ba za ta wahalar da kowace kwamfuta ba. Super Nintendo ta 1990 firosesanta bai wuce 3.58 MHz ba, kuma emuletar ZSNES ta riƙa buɗe wasanninta a kwamfutocin ƙarshen shekarun 1990. Amma ta hanyar yanke ta bi. Takan bar sashe ɗaya ya yi nisa kafin ta waiwayi ɗaya, sannan a yi wa fitattun wasanni faci ɗaya bayan ɗaya. Marubucin wata emuletar mai suna bsnes, wanda aka sani da byuu, ya zaɓi daidaita sassan kusan a kowane bugu, kuma a 2011 ya yi bayanin cewa hakan na neman firosesa mai kusan 3 GHz. Ribar a bayyane take. A wasan Air Strike Patrol, inuwar jirgi da ke nuna maka inda bam zai sauka ana zana ta ne ta hanyar canza haske a tsakiyar layin hoto, kuma emuletar da ke zana layi sukutum lokaci guda ba ta nuna ta kwata-kwata. A Speedy Gonzales kuwa akwai matakin da wasan ke sandarewa a emuletocin da ba su kwaikwayi wata ƙaramar ɗabi'ar na'urar ba. Duk daidaiton nan daga aljihun ƙwaya ɗaya ake biyansa. Shi ya sa ba na son ganin an gaggauta taɓa `EE Cycle Rate` ko `EE Cycle Skipping` a PCSX2. Lambar sauri za ta nuna 100, amma ka rage wa na'urar da ake kwaikwaya ƙarfi ne, wasan na iya zubar da hotuna ko lokacinsa ya karkace. A ganina wannan maganin ƙarshe ne, ga wanda ba shi da halin canza firosesa.

Katin hoto yana da ranarsa, kuma ranar ita ce lokacin da kake son hoton ya fi na asali kyau. Yawancin wasannin PS2 suna zane ne a 640 da 448 ko 512 da 448. Ninki uku a saiti yana nufin uku a tsaye uku a kwance, wato ɗigo ninki tara, ninki shida kuma 36. Ga `Blending Accuracy`, wanda ke gyara inuwa da hayaƙi da haske, shi ma ɗaga shi na cin kati. Matsakaicin kati mai goyon bayan Vulkan ya isa ninki uku a yawancin wasanni. Wanda ba shi da kati daban, yana dogara da na jikin firosesa, to ya kula da ram: sanda biyu masu 4 GB sun fi sanda ɗaya mai 8 GB, domin wannan zanen daga ram yake ci, kuma sanda biyu na buɗe masa hanya biyu. Bayan wannan, yawan ram ba ya ƙara sauri. Babban ram ɗin PS2 ma 32 MB ne kacal. Faifan ajiya ma haka, SSD zai sa Windows ta tashi da wuri, amma ko tsohon faifai mai juyawa ya fi na'urar karanta DVD ta PS2 sauri sau da yawa.

Sashen da ba a rubuta shi a takardar talla, kuma a ƙasarmu yake kayar da kwamfutoci masu kyau, shi ne sanyaya. Emuleta na riƙe ƙwaya ɗaya ko biyu a ƙarshen ƙarfinsu ba hutu, kuma firosesa idan ya doshi digiri 100 yakan rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. Alamar ba ta ɓuya: wasa ya fara lafiya lau, bayan minti goma ko sha biyar ya soma jan ƙafa a wurin da ɗazu ya wuce sumul. A watan Afrilu, da ƙurar hunturu ta riga ta toshe fanka, wannan shi ne ciwon da na fi gani a laftof. Ka buɗe manhajar HWiNFO ka sa ido a kan zafi da gudun ƙwayoyi yayin da kake wasa. In zafi na hawa gudu na sauka, a buɗe a kakkaɓe ƙura, a canza man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya shi, a ɗaga bayan laftof ɗin iska ta shiga. Haka kuma idan aka ɗauke wuta laftof ya koma kan batir, yawancinsu sukan rage ƙarfin firosesa nan take, don haka gwajin da aka yi ba a jone da caja ba ba gwaji ba ne.

Idan mai ƙaramin kasafi ya zo mini yanzu, kusan rabin kuɗin nake zuba wa a firosesa na sabon zubi ko da i3 ne mai ƙwaya huɗu, in haɗa masa sandar ram biyu da fanka mai kyau. Katin hoto nakan ce ya dakata tukuna, ya yi wasa a `Native` ko ninki biyu, ya riƙa duba lambobin nan na kusurwar allo. Ranar da ya ga `GPU` ya cika alhali `EE` na da sauran numfashi, ranar ce ya kamata ya shiga kasuwa neman kati.