Yadda na daidaita rubutun littafin waƙoƙin kakana

Waƙoƙin wa'azi da kakana ya bari a gidanmu na Unguwar Rogo, a Jos, da ajami ya rubuta su, kuma da farko niyyata ita ce in buga su yadda suke. Abin da ya sa na fasa shi ne shi kansa marigayin bai tsaya kan hanya ɗaya ba: a wata waƙar ya bambanta ɓ da b, a wata kuma harafi ɗaya ya ba su, har sai ma'anar baitin ta nuna wa mai karatu ko "bari" ake nufi ko "ɓari". Saboda haka na zaɓi boko, na sa hoton shafi huɗu na ajamin a ƙarshen littafin don a ga hannunsa.

Mutum uku suka buga mini waƙoƙin a kwamfuta, kuma a nan na yi sakaci, domin ban ba su ƙa'ida ba tun farko. Ɗaya ya rubuta "ƙasa", ɗaya "k'asa", na ukun kuwa "kasa" kawai, ba lanƙwasa. Gyaran na biyun bai ba ni wahala ba, tunda duk inda k' ya fito ƙ ake nufi. Na ukun ne ya ja mini asara. Cikin gaggawa na umarci kwamfuta ta mayar da kowace "kasa" ta zama "ƙasa", sai baitin da ke cewa bawa ya kasa tashi sallar asuba ya koma "ya ƙasa tashi", "kasala" ma ta zama "ƙasala". Wani malamin Hausa da na kai wa gwajin bugun ne ya ja layi a ƙarƙashinsu da jan biro, ya ce, "Malam, na'ura ba ta san ma'ana ba, sai ka bi shi baiti-baiti." Mako biyu na yi ina bi.

Daga nan na rubuta ƙa'idojina a takarda ɗaya, bisa daidaitacciyar Hausa. Zan haɗe "yana" da "gidansa", in raba "za ka" da "ya ba shi", in rubuta "gidan Bala" ko da baki "gidam Bala" yake furtawa. Na kuma tsaya kan 'y irin ta Nijeriya, kamar a "'ya'ya", na bar ƴ da ake amfani da ita a Nijar. Inda kaka ya yi amfani da wata kalma ta karin harshensa don ƙafiya ta zauna, ban taɓa kalmar ba, harufanta kawai na daidaita.

Maɗaba'ar ma sai da ta kawo nata cikas, domin salon harafin da suka sauya mini ba shi da ƙ, ɗ da ɓ, sai ƙananan akwatuna suka fito a gurbinsu. Na koma gida na mayar da littafin PDF tare da salon harafina a ciki, sannan na duba shafin gwaji kafin in yarda su ɗora faranti.