Tarihin Rayuwata, Kashi Na 14: Kaftani Biyu, Mutum Ɗaya

Makon jiya na ce zan ba ku labarin aurena, amma ku yi haƙuri, maganar wani anko ce ta hana ni sakat.

Lokacin ina shagon ɗinkin Kawu a bakin Kasuwar Wunti ta Bauchi, aka kawo mana ankon abokan ango: mutum 12, shadda yadi 60, kowa biyar. Kawu ya rubuta awon kowa a littafi, shafi ɗaya mutum ɗaya, ya tafi jana'iza Dass. Da hantsi na buɗe littafi, na ce da ƙarfi, "Na ɗauki na bakwai." Yaya, ɗan Goggo, yana waje yana waya, janareto kuma na ta ruri. Bayan Azahar na fita sayo zare, shi ma ya buɗe littafi, bai ga wata alama ba, ya yanka na bakwai.

Abin takaicin, lissafi bai tona mana asiri ba. Kaftani 12 cif muka jera, yadi ya ƙare daidai. Sai ranar karɓa wan ango ya saka nasa, ya tsaya masa kamar rigar aro. Tsawonsa inci 48 ne, na bakwai kuwa 42. Da an yi tsawo da sai a rage, amma gajere ba shi da magani.

Kawu bai tambayi wanda ya riga yankawa ba. Ni ya duba ya ce, "Yaro, baki ba ya riƙe aiki." Na ce, "Kawu, wallahi na faɗa." Ya ce, "Wa ya ji?" A kuɗina aka cire yadi biyar ɗin. Yaya har yau bai ce mini sannu ba, ko ranar sunan ɗana da ya cinye cinyar rago.

Muka koma rubuta suna a shafi. Shi ma bai hana ba, don mutum kan duba, ya ga babu suna, ya ce bari in yanka tukuna in rubuta. A wannan ɗan tsakanin wani ke shigowa.

Da na buɗe nawa shagon a Gombe, ƙusa na kafa a bango. Kowane ɗinki takardar awonsa ɗaya tak, tana rataye. Mai so ya zare ta, ya maƙala a jikin yadin da allura kafin ya taɓa almakashi. Hannu biyu ba sa zare takarda ɗaya. Nan ma na sha wuya: wani yaro ya zari uku ana gab da Sallah, zazzaɓi ya kwantar da shi, kowa na zaton ana yi. Tun daga nan, takardar da ba a yanka yadinta ba zuwa Magariba, ƙusa take komawa.

Bara Kawu ya zo, ya daɗe yana kallon ƙusar. Na jira ya ce wani abu. Sai ya tambaye ni nawa nake biyan haya.